Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke

Mama, idan al'adarki ta ɗauke har kin yi shekara guda cur ba ki ga jini ba, to ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Duk jinin da kika gani bayan haka ba al'ada ba ne, ko da ɗigo ɗaya ne a zane, ko ja ne, ko ruwan ƙasa, ko wani ruwa-ruwa mai kama da wankin nama. Daga wani wuri yake fitowa, kuma da dalilinsa. Aikin asibiti shi ne a gano wurin da dalilin.

Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ta ɗauke sarai takan yi ta wasa da mace: ta zo wannan wata, ta tsallake biyu ko uku, ta zo da yawa, ta zo kaɗan. Saboda wannan wasan ne likitoci suka sa iyaka a wata 12. Matar da ta yi wata biyar ba jini sa'an nan ta gani, mai yiwuwa ragowar al'ada ce. Wadda ta cika wata 12, nata daban ne. Yawancinmu ba ma rubuta kwanan wata, don haka ki yi lissafi da abin da ba kya mantawa. Damina nawa ta wuce tun ganinki na ƙarshe? Azumi nawa, ko Kirsimeti nawa? Jikanki wane ne ke goye a lokacin? Da irin wannan muke ƙirgawa da mata a ɗakin awo, kuma lissafin yakan fito daidai.

Abu ɗaya ke rikita wannan ƙirga. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku takan ɗauke wa mace al'ada, wani lokaci fiye da shekara, alhali lokacinta bai yi ba. Idan kina yin ta, ko kwanan nan kika bari, ki faɗa tun da fari.

Abin da ake faɗa a gida

Na ji bayani iri-iri daga bakin mata. Wata ta ce ƙuruciya ce ta dawo mata, har kishiyoyi na yi mata ba'a. Wata ta ce tsohon jini ne da ya taru yake fita, gara ya fita ta huta. Wata kuma ta tabbata cikin da ya kwanta mata shekarun baya ne ya motsa. Akwai masu cewa aikin gona ne ya yi yawa, ko zafin rana, ko hannun mutane.

Jini ba ya taruwa a mahaifa shekara da shekaru yana jiran ranar fita. Al'ada kanta ba tarin jini ba ce. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai taushi da jiki ke yi kowane wata domin ɗan da zai zauna. Idan ba a sami ciki ba sai shimfiɗar ta saɓule ta fito da jini, a sake wata. Masu ba da wannan umarni su ne gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, ta hanyar wani sinadari da ake kira istirojin da abokin aikinsa. Sa'ad da suka daina aiki, shimfiɗar takan sirance ta kwanta shiru. Shimfiɗar da ta kwanta ba ta da abin zubarwa. Idan ta zubar, ko dai wani wuri ya ji rauni, ko wani abu na tsirowa inda bai kamata ba.

Me ya sa likita ba ya cewa "je ki, ba komai"?

Gaskiyar da za ta kwantar miki da hankali ita ce, yawancin mata masu wannan jini ba ciwon daji ke gare su ba. Dalilin da ya fi yawa shi ne bushewa. Da istirojin ya ragu, fatar cikin gaba da shimfiɗar mahaifa sukan yi siriri su bushe, kamar leɓe a lokacin hunturu, abu kaɗan sai su tsage. Shi ya sa wasu ke ganin ɗigon bayan kwana da maigida. Wani dalilin kuma ɗan tsiro ne mai taushi da ke rataye a cikin mahaifa ko a bakinta, yawanci ba mugu ba ne, cire shi ake yi. Akwai kuma wadda mahaifarta ta zazzago, zane na gugar ta har ta yi gyambo.

Amma idan aka tara mata goma masu irin wannan jini, wajen ɗaya a cikinsu za a tarar ciwon daji ne na cikin mahaifa. Ki kuma dubi lissafin ta ɗaya gefen: cikin mata goma da aka tabbatar suna da wannan ciwo, wajen tara da jini ya fara nuna kansa. Wato ciwo ne da ke yin sallama tun yana bakin ƙofa. Sau da yawa babu zafi, babu rama, babu ƙullutu da za ki taɓa, sai wannan ɗan jinin kawai. Idan aka kama shi yana cikin mahaifa bai fita ba, aka cire mahaifar, wajen tara cikin goma na nan da ransu bayan shekara biyar. Idan aka bar shi ya ci bango ya kai ga wasu sassan jiki, labarin ya sake.

A ƙasashenmu akwai na biyu da ya fi wannan yawa, wato ciwon dajin bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke jawo shi, ana ɗaukar ta wajen saduwa, takan kuma yi shekara 15 ko 20 kafin ta zama ciwo. Don haka macen da mijinta ya daɗe da rasuwa tana iya samun sa, kuma ba shaidar ta yi wani abin kunya ba ne. Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar sida ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da shi har wajen ninki shida. Alamarsa jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ba ya jin magani.

Matsalar ita ce jinin bushewa da jinin ciwon daji kamarsu ɗaya a zane. Yawansa ba ya bambanta su, launinsa ma haka. Ɗigo biyu na iya zama ciwon daji, jini mai ɗan yawa ya zama tsiro marar lahani. Ni da na yi shekaru ina ganin wannan ba zan iya duban ƙunzugu in faɗa miki ba, likita ma ba zai iya ba. Sai an duba ciki.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mata: jinin yakan tsaya da kansa. Ya zo kwana biyu, ya ɓace wata uku. Mace ta ce ta warke, ko ta ce jiƙon da ta sha ne ya yi aiki. Tsayawar jini ba ta nuna abin da ya kawo shi ya tafi. Sau ɗaya ya isa ki zo, kada kuma ki wuce mako biyu.

Yadda aka bi da wata mata

Bari in ba ki labarin yadda binciken ke tafiya ta kan wata mace mai shekara 57, uwar 'ya'ya shida, mai jiki sosai, tana shan maganin ciwon suga. Al'adarta ta ɗauke shekara biyar da suka wuce. Bayan girbi ta ga tabo ruwan ƙasa a zanenta kwana biyu, ta yi shiru. Bayan wata biyu ya dawo, wannan karon ja. 'Yarta ce ta gani wajen wanki, ta matsa mata suka zo.

Da tambaya aka fara. Yaushe al'ada ta ɗauke, yaushe jinin ya fara, sau nawa ya zo, akwai wari, akwai ciwon mara, bayan saduwa ne? Sai aka yi mata tambayar da ta ba ta mamaki: "Mama, kin tabbata ta gaba yake fitowa?" Ba raini ba ne. Ƙofofi uku ne kusa da juna a wurin. Jinin basir ta dubura yake fita, na tsargiya ko ciwon mafitsara tare da fitsari yake zuwa, kuma duka a zane ɗaya suke sauka. Idan ba ki tabbata ba, ki goge kowane wuri dabam da farin ƙyalle mai tsabta ki duba. An kuma tambaye ta magungunan da take sha, domin masu tsinka jini, irin waɗanda ake ba wasu masu ciwon zuciya, sukan sa zubar jini, haka ma tamoksifen da ake ba wadda ta yi ciwon dajin nono yakan kaurara shimfiɗar mahaifa. Ita na suga kaɗai take sha.

Tun daga nan likita ya ɗaga kunne, saboda ƙibarta. Bayan gidajen ƙwai sun daina aiki, kitsen jiki na ci gaba da yin istirojin kaɗan-kaɗan. Abokin aikinsa kuwa, wanda a da yake tsai da shimfiɗar ya sa ta zube kowane wata, babu shi. Sai shimfiɗar ta yi ta kauri ba mai taka mata burki, kamar ciyawar da ake ba ruwa ba a nome ta. Cikin wannan kaurin ne ciwon ke farawa. Shi ya sa ake ƙara sa ido a kan mai ƙiba, da mai ciwon suga, da wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da wadda al'adarta ta yi jinkirin ɗaukewa har bayan shekara 55. Siririyar mace mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa, ba a cire ta daga bincike.

Sai dubawa. Ta kwanta, aka lulluɓe ta da zane, ungozoma ta sa ɗan ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa ta buɗe gaba, ta haska da fitila. Minti biyar bai cika ba. Na san nan ne wuyar take. Mace mai jikoki ta kwanta yarinyar da ta yi jika da ita ta duba ta, ba abu ne mai sauƙi ba. Kina da ikon cewa mace kike so ta duba ki, kina da ikon shiga da 'yarki ko ƙanwarki, kuma idan da zafi ki ce a yi amfani da ƙaramin ƙarfe a shafa masa mai. Amma kada ki yarda a rubuta miki magani a sallame ki ba a duba ba. Ciwon bakin mahaifa da ido ake fara ganin sa, kuma idan aka ga gyambo ko tsiro a wurin, a nan take ake tsinke ɗan nama a aika awo.

Bakin mahaifar wannan mata lafiya lau yake. Fatar gabanta kuwa ta bushe ta yi siriri. Da an so gajerar hanya sai a ce ga dalilin nan, bushewa ce, a ba ta man shafawa ta koma gida. Ba a yi haka ba, domin kusan kowace mace mai shekarunta tana da bushewar nan. Ganin ta bai hana wani abu na ɓoye a sama ba.

Aka tura ta hoton ciki, wanda ake ce wa eko. Nasa iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗora na'urar a kan mara bayan kin sha ruwa mafitsara ta cika, irin na masu juna biyu. Akwai kuma na siririyar na'ura da ake sawa ta gaba bayan kin yi fitsari. Na biyun shi ke auna shimfiɗar mahaifa daidai, musamman ga mai teɓa. Abin da ake nema lamba ɗaya ce, kaurin shimfiɗar. Idan bai wuce milimita 4 ba, wato kamar tsinken ashana biyu a haɗe, da wuya ƙwarai a ce ciwon daji ne, bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba. Nata milimita 11 ne.

Hoto ba ya faɗin ko mene ne, kauri kawai yake nunawa. Kaurin na iya zama tsiro, ko shimfiɗa da ta yi yawa ba ta riga ta lalace ba, ko ciwon kansa. Don a rabe su sai an ɗebo kaɗan daga shimfiɗar an duba ta a madubin likita. Ana zura wani siririn bututun roba, bai kai kaurin alƙalamin biro ba, ta bakin mahaifa, a zuƙo ɗan abin da ake bukata. Ba a sa barci. Ta ji murɗar mara kamar ta ciwon al'ada na ɗan lokaci, ta sha farasitamol, ta tashi da ƙafarta. Inda babu bututun, ko bakin mahaifa ya tsuke, akan yi wankin mahaifa a ɗakin tiyata a aika abin da aka samu.

A nan zan tsaya in yi magana a kan wani tsoro da nake yawan ji, wai idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya haukace ya bazu. Abin da ke jawo wannan zance shi ne mutane da dama ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya ci jiki, a ɗebi nama, bayan wata kaɗan su rasu, sai a ɗora wa ɗiban. Ɗiban shimfiɗa ba ya watsa ciwon.

Naman ba a asibitin karkara ake duba shi ba, birni ake aika shi, sakamakon ya ɗauki mako uku. Kafin su tafi an rubuta lambar wayar 'yarta, an kuma ba su ranar dawowa a kati. Wannan jiran shi ne inda mata ke ɓace mana. Jini ya tsaya, kuɗin mota ya yi wuya, aka ce ai da akwai matsala da sun kira. Kada ki ɗauki shiru a matsayin albishir. Ki koma ki karɓi takardarki, ki sa a karanta miki a gaya miki abin da ta ce da Hausa.

Tata ta nuna ciwon daji ne, amma na farko-farko. Aka yi mata aiki, aka cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu da bututunsu. Ta yi kusan mako guda a gado, aka hana ta ɗaukar tulu da daka har mako shida. Da aka auna mahaifar da aka cire, an tarar ciwon bai ci rabin kaurin bangonta ba, don haka ba ta bukaci gashi da na'ura ba, sai zuwa dubawa bayan kowane 'yan watanni. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, domin na'urar gashin ciwon daji sai manyan birane irin su Duwala da Yamai, tafiya ce mai nisa da zaman makonni da kuɗi mai yawa.

Kafin aikin ta yi tambayar da mata ke jin nauyin yi, ko za ta ci gaba da zama mace ga mijinta. Mahaifa ake cirewa, gaba na nan yadda take. Bayan ciwon ya warke, ma'aurata na komawa shimfiɗarsu. Ciki kuma ba ya zama rami, hanji ne ke cike ɗan gurbin, don mahaifar tsohuwa ba ta kai dunƙulen hannunta ba.

Idan awo ya fito da kyau

Wannan shi ne rabon mafi yawan mata. Bakin mahaifa lafiya, shimfiɗa milimita 3, sai a ce bushewa ce, a ba ki man istirojin na sawa ta gaba idan ya dace da ke. Idan tsiro ne a cire a aika awo. Idan shimfiɗa ce ta yi kauri ba ta lalace ba, akwai ƙwayoyi ko robar mahaifa mai magani da ke sirantar da ita, sa'an nan a sake ɗiba bayan wasu watanni a ga ko ta ji. Wani irin kaurin kuma yana dab da zama ciwo, shi likita zai ba da shawarar a cire mahaifa tun bai zama ba.

Sai dai ki riƙe wannan: idan an ce miki lafiya, sa'an nan jinin ya sake dawowa, ki koma. Akwai irin ciwon da ke fitowa a siririyar shimfiɗa, bututun ɗiba kuma yana iya kuskure wurin. Jinin da ya maimaita sai an ɗebi nama, ko me hoto ya nuna a baya.

Abu biyu kuma kada su rufe miki ido. Na ɗaya, gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata a taron gangami, wanda ake shafa ruwan tsami a duba. Gwaji ne mai amfani, amma bakin ƙofa kaɗai yake gani, ba ya leƙa cikin ɗaki. A jikin macen da al'adarta ta ɗauke ma, wurin da ake dubawa yakan janye ya shige ciki, ba a ganin sa sosai. Don an ce miki lafiya a gangamin bara, bai amsa tambayar jinin bana ba. Na biyu, ƙarin mahaifa, wanda ake kira fibiroyid. Mata da yawa sun san suna da shi tun suna haihuwa, sai su ɗora masa laifi. Shi kuwa bayan ɗaukewar al'ada motsewa yake yi. Ko hoto ya nuna shi, sai an auna shimfiɗar.

Kafin ki zo

Kada ki cusa komai a gaba, ko kanwa, ko alif, ko garin magani, kada kuma ki bari a yi miki yankan gishiri. Fatar wurin ta riga ta yi siriri, waɗannan ƙona ta suke yi, su kuma rikita abin da mai dubawa zai gani. Allura ko ƙwayar tsai da jini ta mai shagon magani na iya tsai da shi, ta bar abin da ke ciki yana girma. Ba sai kin jira jini na zuba kafin ki zo ba, ana yin duk binciken nan ko ya tsaya. Ki zo da kwalayen magungunan da kike sha, har na gargajiya, da tsofaffin katunanki na asibiti.

Idan kuwa jinin na jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko yana fita da gudaji, ko kina jin jiri da bugun zuciya, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne. A nemi mota ko babur a ranar, ko da dare ne.

Kai kuma maigida, ko ɗanta da ake karanta wa wannan takarda, uwa ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗanta namiji irin wannan ba. Abin da za ka ji shi ne "marata ke damuna," ko ka ga ta koma wanke tsumma a ɓoye kamar a da. Ka tura matarka ko 'yar'uwarka ta tambaye ta a ɗaki. Idan za ku yi tanadin kuɗin mota, ku yi na zuwa biyu ko uku, domin ranar dubawa dabam, ranar hoto da ɗiba wani lokaci dabam, ranar karɓar sakamako kuma dabam.